Agarar da ke ciwo da safe: allura ko ɗaga dunduniya?

*Tambaya: «Likita, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne a nan Maraɗi, shekarata 46, nauyina kilo 85. Duk Lahadi muna buga balo da tsofaffin abokai. Tun bayan ƙaramar salla agarata ta dama ke ciwo, yau wata huɗu ke nan. Da asuba in na sauko daga gado sai na ɗingisa kafin ta saki, kuma akwai wani ɗan kumburi sama da dunduniya da kamar yatsa uku. Na sha magani, na shafa man zafi, na huta sati uku, da na koma fili ta dawo. Wani abokina ya ce a yi mini allura a wurin, shi kwana biyu ya ji garau. In yi?»*

Malam, kada ka yi tukuna. Ban ce allura ba ta da wuri ko kaɗan ba, zan zo kanta, amma ba da ita ake farawa ba, kuma irin wadda ake sokawa da ka, babu na'urar dubawa, ita ce na fi gudar maka.

Wurin da ka nuna shi ne ya fi ba ni labari. Agara ita ce ke ɗaure naman sharaɓa da ƙashin dunduniya, kuma ciwonta yana zama a wuri biyu. Ko dai a tsakiyarta, santimita 2 zuwa 6 sama da ƙashi, ko kuma can ƙasa daidai inda ta manne da ƙashin. Naka na tsakiya ne, kuma shi ne ya fi jin magani. Ka tabbatar da kanka: ka matse agarar tsakanin babban yatsa da manuni, ka bi ta daga sama zuwa ƙasa. Za ka tarar da wuri guda mai kauri, mai zafi in an matsa, kuma in ka motsa ƙafa sama da ƙasa kaurin yana tafiya tare da jijiyar.

Abin da ke cikin kaurin nan ba irin kumburin da muka sani ba ne, na maruru ko na targaɗe, mai ɗumi da ja. Da likitoci haka suka ɗauka, shi ya sa aka daɗe ana ba da maganin kumburi da hutu. Da aka riƙa yanko ɗan nama daga agarar waɗanda aka yi wa aiki ana dubawa a madubin likita, sai aka ga wani abu dabam. Lafiyayyar agara kamar sabuwar igiyar guga take, zare-zaren wani abu da ake kira kolajin a jere, a matse, duk sun miƙe hanya ɗaya. A wurin da ke ciwo zaren ya warware, wasu sun harɗe, jiki ya cike gurbi da wani siririn zare marar ƙarfi, ruwa ya shiga tsakani ya buɗa su, sannan ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin jin zafi sun tsiro inda da babu su. Ruwan nan da warwarewar zaren su ne kaurin da kake taɓawa. Ƙwayoyin halittar jiki masu kawo kumburi akwai su a wurin, musamman a farko, amma ba su ne ke riƙe da ciwon wata huɗu ba. Shi ya sa ƙwayar da ka sha ta kwantar da zafi na yini ɗaya ba ta canza komai ba.

Me ya kawo shi? Ka ce bayan ƙaramar salla, kuma ba kai kaɗai ba ne, duk shekara muna ganin irinku a wannan lokaci. Wata guda na azumi ba a fili, wataƙila har da satin salla, sannan ranar Lahadi ta farko ka shiga ka buga awa ɗaya da rabi kamar ba a taɓa tsayawa ba. Lokacin gudu agara tana ɗaukar nauyin jiki kamar sau 6 ko fiye a kowane taku. A kilo 85 ɗinka, ya haura kilo 500 ke nan, taku bayan taku. Ƙara da yashin filayenmu, inda dunduniya ke nutsewa jijiya ta ƙara miƙewa kafin ta tura ka gaba. Nama da numfashi suna dawowa da sauri bayan hutu, agara kuwa a hankali take bi, domin abu ne da jiki ba ya sabunta shi da wuri. Masu bincike a Danmak sun nuna a 2013 cewa zaren da ke tsakiyar lafiyayyar agara kusan shi ne wanda mutum ya gama girma da shi, wajen shekara 17. To ka ga wadda kake gudu a kanta yau ta kusa shekara talatin tana aiki.

Daga nan za ka gane abin da ya sa hutun sati uku bai yi ba. Hutu yana kwantar da zafi, amma yana rage ƙarfin agarar da na sharaɓa. Ka koma fili da jijiyar da ta fi ta da rauni, ka ɗora mata kaya iri ɗaya. Abin da ke sa ƙwayoyin cikin agara su yi aiki shi ne ja mai nauyi, a hankali, a kai a kai. Ba lallai wurin da ya lalace ya koma sabo ba, sau da yawa kaurin yana nan ko bayan mutum ya warke. Abin da ake samu shi ne sauran jijiyar da ke kewaye da shi da naman sharaɓa su yi ƙarfin ɗaukar kayan, zafin kuma ya tafi. Saboda haka kada ka riƙa auna sauƙi da girman ƙullin.

Kafin mu shiga aiki, tambaya ɗaya da nake yi wa kowa a nan garin: a watannin nan an ba ka sipro, wato siprofuloksasin, ko ofuloksasin? Ana rubuta su sosai don taifot da ciwon fitsari, wasu ma a tebur suke saye. Wannan dangin magani yana raunana agara har ta iya tsinkewa, kuma tun 2008 hukumar magunguna ta Amirka ta sa a rubuta gargaɗi mai ƙarfi a kansa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya wuce 60, da mai ciwon ƙoda, da mai shan dekisa ko wani kortizon, wato magani mai ƙarfi na danne kumburi, tare da shi. In kana kan shansa yanzu, ka koma wurin wanda ya rubuta maka yau ɗin nan a canza, kuma kada ka fara abin da zan faɗa sai an duba ka. Haka nan ka auna suga da kitsen jini in ka daɗe ba ka auna ba, don su biyun suna tafiya da wannan ciwo kuma suna jinkirta sauƙi.

Maganar ɗaga dunduniya ta yi ƙarfi ne daga wani likitan ƙashi a Suwidin, Håkan Alfredson. A 1998 ya buga sakamakon mutum 15 masu gudu da suka daɗe da ciwon. Ya sa su tsaya a bakin matakala, su hau da lafiyayyar ƙafa su sauko a hankali da mai ciwo, sau 180 a yini, kullum, sati 12. Dukansu suka koma gudu. Mutum 15 ba yawa ba ne, kuma binciken da ya biyo baya bai kai wannan kyau ba, amma hanyar ta tsaya. Daga baya an gano cewa ba adadin 180 ɗin ne sirrin ba, ba kuma saukowar kaɗai ba. A 2015 a Danmak an raba mutum 58 gida biyu: wasu suka yi irin na Alfredson, wasu suka yi sau uku kawai a sati, amma da nauyi mai yawa kuma a hankali, hawa da sauka duka. Sauƙin ya zo daidai, sai dai masu sau uku a sati sun fi cika aikin. Ni wannan na biyun nake ba mutane irinka, don na san malamin da ke da aji da safe da yamma ba zai yi 180 kullum har wata uku ba. Su a can da injinan ɗakin motsa jiki suka yi, mu za mu yi da abin da ke gida.

Sati biyun farko a ƙasa za ka yi, ba a matakala ba. Ka dafa bango da yatsu, ka yi ɗage a kan ƙafa biyu, kana ƙirga uku wajen hawa, uku wajen sauka. Sau 15, ka huta minti ɗaya ko biyu, ka maimaita har zagaye uku. Wannan kullum ne, tunda ba nauyi. In kwana biyun farko ko wannan ya yi zafi da yawa, ka hau rabi ka tsaya cak daƙiƙa 30 zuwa 45, sau biyar, har ta yarda da motsi. Ƙirgar nan ita ce rabin maganin. Mafi yawan waɗanda ke dawo mini su ce sun yi ba su ga komai ba, in na ce su nuna mini, sai in ga suna tsalle-tsalle sama da ƙasa, sun gama 15 cikin daƙiƙa goma. Zagaye ɗaya da aka yi daidai minti ɗaya da rabi yake ci.

Daga sati na uku ka fara karkata nauyi zuwa dama, har ka iya hawa da ita kaɗai. In ka samu 15 a ƙafa ɗaya a ƙasa, sai ka koma bakin dakali ko bulo mai ƙwari, gaban ƙafa a sama, dunduniya tana sauka ƙasa da bakin. Daga nan aikin ya koma yini ɗaya a yi, yini ɗaya a huta, don jijiya tana buƙatar wannan tazarar.

Wajen sati na biyar ko na shida nauyi zai shigo, kuma a nan mutane suka fi tsayawa, su yi ta maimaita mai sauƙi wata da watanni. Ka ɗauki jakar goyo ta ɗalibai ka sa robobin ruwa, lita ɗaya kilo ɗaya ce, lissafin ba wuya. Ka fara da kilo 5. Duk lokacin da ka ga ka kai ƙarshen zagaye da sauran ƙarfi a ƙafarka, ka ƙara kilo 2 ko 3. Nauyi na hawa, adadi na sauka: daga 15 zuwa 12, zuwa 10, har wajen sati na goma ka zama kana yin 6 zuwa 8 da kayan da na tara zai gagare ka. Ga mutum mai jikinka wannan zai iya kai kilo 15 ko 20 a baya.

Akwai na biyu da ba a so a bari. Naman sharaɓa biyu ne, na sama da ake gani da na ƙarƙashinsa, kuma na ƙarƙashin ne ke ɗaukar mafi yawan aikin gudu. In gwiwa na lanƙwashe ne aikin ya fi komawa kansa. Ka zauna a kujera, gaban ƙafa a kan bulo, ka naɗe tawul a kan gwiwa ka ɗora bidon ɗin lita 25, ka ɗaga dunduniya ka sauke da ƙirga iri ɗaya. Ka fara da rabin ruwa. Za ka yi mamakin saurin da cikakken bidon zai yi maka kaɗan.

To yaya za ka san ka yi daidai ko ka wuce gona da iri? Wata mai bincike, Karin Silbernagel, ta gwada wata ƙa'ida da har yanzu muke aiki da ita. Ka ɗauki zafi a ma'auni daga 0 zuwa 10. Lokacin aikin an yarda ya kai 5, ba a so ya wuce. Amma alƙalin gaskiya shi ne takunka na farko da asuba. In ka tashi salla ka ji ƙafar kamar jiya ko ta fi sauƙi, kayan jiya daidai ne, ci gaba. In ɗingishin ya fi na jiya tsawo, an yi yawa, ka koma matakin baya kwana uku ko huɗu, amma kada ka daina gaba ɗaya. Ka samu ɗan littafi, kowace safiya ka rubuta lamba ɗaya da mintin da ta ɗauka kafin ta saki. Kwana zuwa kwana ba za ka ga komai ba. Sati zuwa sati za ka ga minti 15 ya koma 10, ya koma 4. A binciken nata na 2007 waɗanda suka ci gaba da gudu a ƙarƙashin wannan ƙa'ida ba su samu wata illa fiye da waɗanda suka daina ba. Duk da haka, balo ba gudu miƙe ba ne, akwai tashi da ƙarfi da birki da juyi. Ka ajiye Lahadi na wata biyu aƙalla, ka riƙe tafiya a ƙasa mai tauri ko keke. Takalmi mai ɗan tudun dunduniya zai fi maka silifa daɗi a wannan lokaci.

Komawa fili sai ka iya ɗage sau 20 zuwa 25 a ƙafar dama, tsayinsa daidai da na hagu, kuma ka yi tsalle a kanta sau goma zafi bai wuce 2 ba. Sannan gudu minti ɗaya tafiya minti biyu, da kwana biyu tsakani, ana ƙarawa. Ranar farko a fili rabin lokaci za ka buga. Kuma sati 12 ba alkawari ba ne. Da yawa suna kai wata shida, wasu shekara, kuma a wani bibiya na shekara biyar da aka yi a Holan, wajen huɗu cikin goma ne kawai suka ce babu ɗigon zafi ko kaɗan, ko da yake yawancinsu sun samu sauƙi sosai.

Wanda ciwonsa ke can ƙasa a kan ƙashi, in yana karantawa, kada ya kwafi matakala. A wurinsa saukar dunduniya ƙasa da baki yana matse jijiyar a jikin ƙashi ya ƙara fusata ta. Shi a ƙasa shimfiɗaɗɗiya zai yi duka, ya rage dogon tsuguno, ya bar miƙar da sharaɓa.

Yanzu allurar abokinka. Kusan tabbas kortizon ce, kuma ban musa ya ji garau ba, aikinta ke nan. Matsalar ita ce tana kashe zafi ba tare da ta ƙara wa jijiya ƙarfin ko zare ɗaya ba, hasali ma tana danne ƙwayoyin da ke saƙa kolajin. Mutum ya ji ya warke, ya koma fili da agarar da ba ta iya yi masa kashedi. An sha rubuta labarin tsinkewa bayan irin wannan allura, musamman in ta shiga cikin jijiyar ko an maimaita. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2010 ya tattara gwaje-gwajen allura a jijiyoyi daban-daban, ya ga sauƙi a satukan farko, sannan a wata shida da shekara waɗanda aka yi wa sun fi waɗanda ba a yi wa ba wahala. Gaskiya mafi yawan hujjar nan daga gwiwar hannu ta fito, ba daga agara ba. Ka tambayi abokinka wata nawa ke nan da allurar tasa.

Adalci kuma ya sa in faɗa maka akwai bincike mai kyau da ya goyi bayanta. A 2022 a Danmak an ɗauki mutum 100 masu irin ciwonka, dukansu suna atisaye, rabi aka ƙara musu kortizon, rabi allurar bogi da ba kortizon a ciki. A wata shida masu kortizon sun fi samun sauƙi da tazara mai ma'ana, kuma ba a ga mummunan abu ba cikin shekara biyu. Amma ka duba yadda aka yi ta: da na'urar ekogarafi a hannu ana kallon bakin allurar, aka zuba maganin a gefen jijiyar ba cikinta ba, ba a wuce sau uku ba, an hana su gudu da tsalle a watannin farko, kuma babu wanda aka ɗauke wa atisaye. Wannan daban yake da a laluba wurin zafi da yatsa a soka. In ka yi wata uku cikakku na aikin da na faɗa, littafinka ya nuna ba motsi, ko zafin ya hana ka ko fara ɗagen, to a nan zan yarda a yi maganarta da likitan ƙashi mai aiki da na'urar. In kana da suga ka faɗa masa, don tana tayar da shi na ƴan kwanaki.

Sauran alluran ba za su ci mana lokaci ba. Akwai wadda ake ɗibar jininka a juya a inji a mayar da wani sashe cikin jijiyar, likitoci na taƙaita sunanta da PRP, kuma ana sayar da ita da tsada a manyan birane. An gwada ta da ruwan gishiri a Holan a 2010 a kan mutum 54, babu bambanci. An sake gwada ta da allurar bogi a Birtaniya a 2021 a kan mutum 240, nan ma babu. Akwai kuma ta tura ruwa mai yawa gefen jijiya, ita ma da aka cire kortizon daga cikinta aka gwada a 2020, ba ta fi ta bogi ba. Kada ka kashe kuɗin mota zuwa Yamai ko Kano saboda su. Ƙaho da tsaga da sakiya kuma ka bar su nesa da wurin nan, fatar bayan dunduniya siririya ce, jini bai wadace ta ba, gyambo a nan yana daɗewa.

Hoto ba dole ba ne a irin labarinka, hannu da tambaya sun isa. Amma akwai abin da in ya faru za ka ajiye duk wannan ka tafi asibiti a ranar. In kana cikin tafiya ko wasa ka ji kamar an jefe ka da dutse a bayan ƙafa, ko ka ji ƙara, ka waiga ba kowa, sannan ka kasa ɗage a ƙafar, to tsinkewa ce har sai an tabbatar ba ita ba. Iya takawa ba ya kore ta, da yawa suna takawa da tsinkakkiyar agara su ɗauka targaɗe ne su wuce wurin mai ɗori. Gwajin mai sauƙi ne: ka kwanta rub da ciki ƙafa na lilo a bakin gado, wani ya matse naman sharaɓa. In agara na nan tafin ƙafa zai motsa ƙasa da kansa, in ta tsinke ba zai motsa ba. Kwanakin farko ne ke da daraja, don a lokacin ana iya haɗa bakin biyu da filasta ko da ɗinki cikin sauƙi. Haka nan in sharaɓar duka ta kumbura ta yi ɗumi, ko zazzaɓi ya shigo, ko duga-dugai biyu suna ciwo tare da bayan da ke sanƙarewa fiye da rabin awa kowace safiya, wannan wani ciwo ne dabam, a duba ka.

Ka fara gobe bayan asuba da ƙafa biyu a ƙasa. Bayan sati huɗu ka turo mini lambobin safiyar da ka rubuta, da adadin ɗagen da kake samu a dama da na hagu, da amsar maganar sipro, sai mu ga ko lokacin jakar ruwa ya yi. Allah ya ƙara sauƙi, Malam.